Tambayoyi da amsoshi kan umarnin hoton gwaji na kwali, leda da lamba a kan kantar shago

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan dawowa daga masu sarrafa aya, gujiya, zogale da kilishi a Maraɗi, da kuma matasan da ke yi masu zanen lamba, wato takardar suna da bayani da ake manna wa kaya. An bi misali guda tun daga farko har ƙarshe, wato garin aya na giram 500 a cikin ledar takarda mai tsayawa da gindinta, wanda wata ƙungiyar mata ke son kaiwa shagunan gari. An taɓo kwali da kwalba a inda hukuncinsu ya bambanta.

1. Mene ne hoton gwaji, kuma mene ne umarni?

Hoton gwaji, wanda masu zane a nan suka fi kira maket, hoto ne da ke nuna yadda kaya za su kasance bayan an zuba su a mazubinsu an manna masu lamba, tun kafin a kashe ko dala a maɗaba'a. Umarni kuwa shi ne bayanin da ake rubuta wa manhajar ƙirƙirar hoto, irin su Midjourney, Stable Diffusion ko Ideogram, domin ta zana abin da aka siffanta. Idan mutum ya rubuta cewa yana son ledar takarda ruwan ƙasa a kan kanta ta katako, manhajar za ta fitar da hoton da ya yi kama da wanda aka ɗauka da kyamara, alhali babu ledar, babu kantar.

Amfaninsa biyu ne. Na farko, mai kaya ya yanke shawara tsakanin launi da launi ko tsakanin leda da kwali yana kallon abin da idonsa. Na biyu, ya sami abin nuna wa mai shago ko abokin hulɗa kafin a buga. Ba shi ne fayil ɗin da ake kai wa maɗaba'a ba, kuma an yi bayanin dalili a amsa ta 10.

2. Don me za a sa kayan a kan kanta, ba a bar su su kaɗai a kan farin fili ba?

Domin mai saye ba ya taɓa ganin kaya su kaɗai. Ledar garin aya da ta yi kyau a farin fili za ta zauna ne tsakanin gwangwanin madara, kwalin shayi da ledar taliya, waɗanda yawancinsu ja ne da rawaya da shuɗi masu ɗaukar ido, kuma a nan ake gane ko launin da aka zaɓa zai fito ko zai nutse. Takarda ruwan ƙasa a kan katako ruwan ƙasa takan ɓace ɓat, kuma ba za a lura da haka ba sai an ajiye su tare. Hoton farin fili yana da wurinsa a tallan waya, amma idan tambayar ita ce ko mai wucewa zai hango kayan daga bakin ƙofa, kanta ce kaɗai ke amsa ta.

3. Da wane harshe ya kamata a rubuta umarnin?

Da Ingilishi, idan da hali. An horar da waɗannan manhajoji ne da hotuna masu ɗauke da bayani wanda mafi yawansa Ingilishi ne, saboda haka sunayen mazubi da na haske sun fi kama su da wannan harshe. Faransanci yana aiki gwargwado a wasunsu, sai dai kalma kamar `sachet` takan jawo ƙaramin ƙunshin sukari ko na shayi maimakon ledar rabin kilo. Hausa kuwa, idan aka rubuta "leda mai tsayawa a kan kanta", abin da zai fito sa'a ce kawai.

Wannan bai kamata ya tsorata wanda bai yi Ingilishi ba, domin kalmomin da ake bukata ba su da yawa, kuma su ne ake ta maimaitawa. Ledar da ke tsayawa da gindinta ita ce `stand-up pouch`, wadda masu sayar da ita da Faransanci ke kira `doypack`. Takarda ruwan ƙasa ita ce `kraft paper`, kwali mai naɗewa `folding carton`, tagar da ake hango kaya ta cikinta `clear window`, lambar da ba a rubuta mata komai ba kuma `blank label`. Rubutun da zai hau lambar shi ne zai kasance da Hausa ko Faransanci, kuma ba manhajar ce za ta rubuta shi ba, kamar yadda amsa ta 6 ta nuna.

4. Waɗanne abubuwa ne dole su shiga cikin umarnin, kuma da wane jeri?

A fara da mazubin kansa, domin abin da ya zo a farkon umarni shi manhajar ta fi bai wa nauyi. A faɗi irinsa, da abin da aka yi shi da shi, da ko yana sheƙi ko ba ya yi, da abin da ke ciki idan ana hango shi. Daga nan sai lamba, a faɗi siffarta da inda take zaune. Sai kanta da maƙwabtan kaya, sai haske, sai kuma inda kyamara take tsaye. Ga umarnin da aka yi amfani da shi a misalin garin aya:

```
three identical kraft paper stand-up pouches, matte, zip top,
clear window at the bottom showing beige flour,
blank white rectangular label on the front,
on a painted wooden shelf in a small West African grocery shop,
unbranded tins and cartons on both sides, daylight from the left,
eye level, front view, 50mm lens --ar 4:5 --no text, logo
```

Kowace gaɓa tana da aikinta. An ce leda uku iri ɗaya ne domin mai shago ba ya jera guda ɗaya, kuma launi yakan ƙara ƙarfi idan ya maimaitu gefe da gefe. An ce `matte` domin idan ba a faɗa ba manhajar takan sa wa takarda sheƙin roba. An ce `front view` da `eye level` domin lambar ta fuskanci mai kallo sosai, abin da zai sauƙaƙa manna zane na gaskiya daga baya. Ruwan tabarau na `50mm` yana hana gefunan leda lanƙwashewa kamar yadda suke yi a hoton da aka ɗauka kusa-kusa da waya. Abin da ya biyo bayan alamar `--` a ƙarshe na Midjourney ne kaɗai: `--ar 4:5` yana ba da hoto mai tsayi wanda ya dace da fuskar waya, `--no` kuma yana faɗin abin da ba a so. A Stable Diffusion akwai akwati na dabam mai suna `Negative prompt` inda ake zuba abin da ba a so, girman hoto kuma da lambobi ake sa shi.

Abin da bai kamata ya shiga ba shi ne tarin kalmomin yabo, irin su kyakkyawa, na ƙasaita, mai lashe gasa. Ba sa siffanta komai, kuma sukan ja hoton zuwa tallan turare mai baƙin fili da hasken zinariya, wanda ba shi da alaƙa da shagon unguwa.

5. Kullum babban kantin Turai yake fitar mini. Ta yaya zan sami kanta irin ta shagunanmu?

Laifin yana cikin kalmar `supermarket`, ko kuma `shelf` da aka bari ita kaɗai. Yawancin hotunan kanta da manhajar ta koya daga gare su na manyan kantuna ne masu farin ƙarfe, da layin farashi a leɓen kanta, da fitilu jere a sama, saboda haka can take komawa idan ba a ja ta ba. Faɗin sunan Maraɗi ko Nijar ma ba ya wadatarwa. Wani lokaci yakan sa ta kai kayan bakin kasuwa a kan tabarma, ta ƙara raƙumi da yashi a baya, domin abin da ta fi sani game da Sahel ke nan.

Maganin shi ne a siffanta abin da ido ke gani maimakon a kira sunan wuri. Shagon unguwa yana da kanta ta katako, sau da yawa mai shuɗin fenti ko kore wanda ya ɗan goge a baki, kaya a cunkushe har sama, bango na siminti, haske kuma yana shigowa daga ƙofa guda, tare da doguwar fitila fara idan yamma ta yi. Da Ingilishi wannan shi ne `narrow wooden shelf with worn blue paint, tightly packed goods, plastered wall, light from an open door`. Idan kuma kayan za su tafi ɗaya daga cikin kantunan zamani na Yamai ne, to farin ƙarfen ya dace, sai a yi hoto biyu a gwada lambar a duka wuraren. A ganina wanda ya gwada lambarsa a hasken kantin Turai kaɗai ya ruɗi kansa, domin launin toka mai laushi da ke burgewa a can yakan zama kamar ƙurar hunturu ta hau shi a shagon da ƙofarsa kaɗai ce taga.

6. Me ya sa rubutun kan lamba yake fitowa a karkace, ko da haruffan da babu su?

Domin manhajar zana siffar rubutu take yi, kamar yaron da ke kwaikwayon allo tun bai san baƙi ba. An sami ci gaba tun daga 2023, lokacin da Ideogram ta fito da ƙwarewa a rubutu, Midjourney kuma ta fara karɓar gajerun kalmomi a cikin alamar zance daga siga ta 6. Kalma ɗaya ko biyu da manyan haruffa, kamar `"GARIN AYA"`, takan fito daidai a yawancin gwaji. Amma da zarar an zo ƙananan layuka, wato nauyi, abubuwan da aka haɗa, ranar ƙarewa da lambar waya, sai a ga harafi ya maimaitu, wani ya narke cikin wani, 500 ta koma 5000.

Haruffanmu masu lanƙwasa su ne suka fi shan wahala. Kalmar ƙuli-ƙuli takan fito da k mara ƙugiya ko da wani harafi mai kama da R, Maraɗi ta koma Maradi ko Maraoi, ɓ da ƴ kuwa ba a cika samunsu ba. Ko da an yi sa'a sun fito, ba za a iya sake samun wannan salon harafi a wani hoton ba, balle a maɗaba'a.

Saboda haka hanyar da ta fi inganci ita ce a raba aikin gida biyu. Manhajar ƙirƙirar hoto ta ba da kanta, haske da leda mai farar lamba wadda babu komai a kanta, mai zane kuma ya tsara lambar da hannunsa da salon harafin da ke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, irin su Noto Sans, Andika ko Charis SIL, waɗanda duk kyauta ne, sannan ya manna ta a kan hoton. Yadda ake mannawar yana amsa ta 7.

7. Yaya ake manna lambar gaskiya a kan ledar da manhaja ta zana har ta yi kamar a jikinta take?

Ana iya yi da Photoshop, ko da Photopea wadda ke buɗewa kyauta a burauza kuma tana karanta fayil ɗin PSD, ko da GIMP. A buɗe hoton kanta, a ɗora zanen lambar a matsayin sabon shafi a samansa, a mayar da shi `Smart Object` idan manhajar tana da shi, domin duk lokacin da aka canza zane ya sauya a hoton ba tare da an sake aikin daga farko ba. Sai a ja kusurwoyi huɗu na zanen da `Distort` ko `Perspective` har su hau kusurwoyi huɗu na farar lambar. Idan ledar ta kumbura a tsakiya, kamar yadda ledar gari takan yi, a ɗan lanƙwasa zanen da `Warp` domin layukan rubutu su bi cikin ledar.

Matakin da ke raba aikin gwani da na ɗan koyo shi ne a canza yanayin haɗuwar shafin daga `Normal` zuwa `Multiply`. Wannan yana sa inuwa da ƴan tattarewar da ke kan farar lambar su ratso ta cikin zanen, sai ya zama kamar an buga shi a wurin. Dalilin da ya sa aka nemi lamba fara a umarnin amsa ta 4 ke nan: `Multiply` ba ya canza launi a kan fari, amma a kan ruwan ƙasa zai duhunta komai, shuɗi ya koma kamar baƙi. Daga ƙarshe a dubi kaifin hoton. Idan ledar tana da ɗan laushi amma rubutun yana da kaifi kamar reza, ido zai gane manni ne, sai a sa masa `Gaussian Blur` na kusan rabin fiksel. Leda uku na nufin manni uku, kowanne da nasa kusurwoyin.

8. Ledar da ke hoton ba ta yi girman tawa ba. Ba a iya faɗa mata santimita ne?

Ana iya rubutawa, amma ba ta aunawa. Idan aka rubuta 16 x 24 cm, manhajar ta ɗauke shi a matsayin ishara kawai, wani lokaci ma ta rubuta lambobin a jikin ledar. Abin da ta fi ji shi ne kwatanci, misali `one and a half times taller than wide`, ko kuma a ajiye wani abu sananne a gefe, kamar ƙaramin gwangwanin tumatir, a faɗi sau nawa ledar ta ninka shi tsayi.

Bayan hoton ya fito sai a auna shi. Ledar misalinmu faɗinta santimita 16 ne, tsayinta 24, wato tsayi ya ninka faɗi sau ɗaya da rabi. Idan a hoton faɗin ledar fiksel 300 ne, tsayinta ya kamata ya kusanci 450. Lambar kuma 10 ce a 14, saboda haka za ta ci kusan kashi biyu cikin uku na faɗin ledar, wajen fiksel 188 cikin 300. A gwajin farko na garin aya manhajar ta ba da lamba mai cin kusan dukan fuskar leda, sunan kaya ya fito ƙato, kowa ya yaba, alhali a lambar gaskiya zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya fi son tabbaci ya ɗauki hoton ledarsa ta gaskiya da waya, a cike da gari, a tsaye a gaban farin bango, ya bai wa manhajar a matsayin hoton tushe, ya bar mata aikin kanta da haske kawai.

9. Kwali da kwalba fa, umarninsu ɗaya ne da na leda?

Ginin ɗaya ne, amma kusurwar kyamara takan bambanta. Kwali, misali na shayin zogale mai ƙunshi 20, yana da fuska, gefe da sama, kuma idan aka ɗauke shi ta gaba sosai sai ya zama kamar takarda shimfiɗaɗɗiya. Ana neman `three-quarter view` domin gefe ɗaya ya bayyana, sannan a manna fuska da gefe kowanne dabam. A duba layukan kwalin da kyau, domin manhajar takan zana murfin da ba zai rufu ba, ko gefuna biyu da ba su tafi a layi ɗaya ba, kuma irin wannan kwali ba ya karɓar manni sai ya karkace.

Kwalbar man gujiya tana da matsala ta dabam, wato lanƙwasa. Kwalba mai faɗin santimita 7 kewayenta ya kai wajen 22, ido kuma rabi kawai yake gani daga gaba, a cikin rabin ma gefe da gefe sun matse. Abin da ake karantawa cikin sauƙi bai wuce santimita 7 zuwa 8 na tsakiya ba, saboda haka sunan kaya da nauyi dole su zauna a nan. A umarnin a faɗi `clear PET bottle`, da launin man, da launin murfi, a kuma faɗi inda man ya tsaya, in ba haka ba takan cika kwalbar har cikin murfi. Kilishi a leda mai haske ya fi duka wuya, domin manhajar naman busasshe na Amurka ta sani, mai kauri da duhu, ba shimfiɗaɗɗen nama mai jan yaji da labu ba. A nan hoton kilishin gaskiya ya fi kowane umarni.

10. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Me zai hana in kai shi maɗaba'a a buga lambar daga cikinsa?

Lissafi ne zai hana. Maɗaba'a tana bukatar ɗigo 300 a kowane inci domin ƙananan haruffa su fito da kaifi, inci ɗaya kuma santimita 2.54 ne. Lamba mai santimita 10 a 14 tana bukatar fiksel 1181 a 1654, idan kuma aka ƙara milimita 3 na rarar yanka a kowane gefe, ta zama 10.6 a 14.6, wato fiksel 1252 a 1724. Yawancin manhajojin nan suna fitar da hoto mai faɗin fiksel 1024 ko kusa da haka, kuma wannan dukan hoton ne har da kanta da bango. Lambar da ke cikinsa, kamar yadda aka auna a amsa ta 8, ba ta kai fiksel 200 ba. Idan aka ja ta ta cika santimita 10, za ta fito dishi-dishi, ɗauke da inuwar shago da karkatar kyamara a jikinta.

Akwai kuma batun launi. Fuskar waya tana haɗa launi da haske, tsarin RGB, injin bugu kuma da tawada huɗu, tsarin CMYK, kuma kore mai walƙiya da shuɗi mai ƙarfi da ake gani a waya ba su da tawadar da za ta kai su. Na taɓa ganin wannan da idona lokacin da na amince da koren lambar zogale a waya, aka buga ɗari biyar a wata maɗaba'a ba tare da na nemi gwaji ba, suka fito da kore mai duhu kamar miyar kuka. Laifina ne, ba nasu ba, domin abin da na ba su suka buga. Abin da ake kai wa maɗaba'a shi ne zanen lambar shimfiɗe, a fayil ɗin PDF, da girmansa na gaskiya, da rarar yanka, a tsarin CMYK, haruffa kuma a mayar da su zane domin kada ƙ da ɗ su ɓace a kwamfutar da ba ta da salon harafin. Kwali yana bukatar ƙarin abu guda, wato zanen layukan yanka da na naɗi, wanda daga wurin mai yin kwalin ake karɓarsa kafin a fara zane.

11. Ina da kaya iri uku, aya, gero da zogale. Ta yaya hotunan za su fito iri ɗaya?

Hanya mafi sauƙi ita ce kada a sake ƙirƙirar hoton ko kaɗan. A zaɓi hoton kanta guda mai kyau, a manna lambobi uku a kan ledoji ukun da ke cikinsa, a canza launin garin da ke taga da hannu. Haka ne ma ya fi nuna ko kayan sun yi kama da ƴan gida ɗaya, kuma ko mai saye zai bambance aya da gero ba tare da ya karanta ba.

Idan dole sai an sake, a riƙe umarnin yadda yake, a canza kalma ɗaya kawai, a kuma riƙe lambar da manhajar ke fara zane daga gare ta, wadda a Midjourney ake sa wa da `--seed`, misali `--seed 2040`, a Stable Diffusion kuma tana da akwatinta mai suna `Seed`. Wannan yana kusantar da hotunan amma ba ya mayar da su tagwaye, kuma idan an canza sigar manhajar lambar ba ta da sauran amfani. Inda ake son gyara wuri guda kawai, kamar tagar leda, a yi amfani da gyaran yanki, wanda ake kira `Inpaint` a Stable Diffusion, `Vary Region` kuma a Midjourney, domin sauran hoton ya tsaya yadda yake.

12. Manhajar ta zana layukan farashi da tambarin hukuma da kayan wasu kamfanoni. In bar su?

A'a, a goge su duka. Layukan farashi, wato barcode, da take zanawa ado ne kawai, babu na'urar da za ta karanta su. Na gaskiya, irin EAN-13 mai lambobi 13, daga ƙungiyar GS1 ake samun lambarsa, girmansa na asali kuma milimita 37.29 ne a 25.93, ana iya rage shi zuwa kashi 80 cikin ɗari amma ba ƙasa da haka ba. A hoton gwaji ya isa a bar farin fili mai wannan girma a bayan leda domin a san wurin ya ishe shi.

Tambari ya fi haɗari. Manhajar takan ƙirƙiro zagayayyen hatimi mai kama da na halal ko na ingancin kaya, ko wata lamba mai kama da ta NAFDAC, hukumar abinci da magunguna ta Nijeriya. Hoto kuwa yawo yake yi, yau yana wayar mai kaya, gobe yana wayar dillali a Jibiya ko Katsina, kuma wanda ya gan shi zai ɗauka an yi rajistar da ba a yi ba. Haka nan kayan maƙwabta: idan gwangwanin da ke gefe ya fito da suna ko tambarin wani kamfani na gaskiya, a dushe shi ko a sake zana yankin, musamman idan hoton zai shiga talla. Kalmar `unbranded` da ke umarnin amsa ta 4 tana rage wannan amma ba ta kawar da shi gaba ɗaya.

13. Ta yaya zan gane hoton ya isa a nuna wa mai shago, kuma me zan ce masa?

A fara da duba kurakuran da manhajar ta saba yi. A dubi gindin kowace leda a ga ko ya taɓa kanta da inuwa a ƙarƙashinsa, domin sau da yawa takan bar leda tana shawagi. A dubi inuwoyi a ga ko duk gefe guda suka faɗi, tunda an ce haske daga hagu yake. A dubi zif ɗin sama a ga ko layi ɗaya ne miƙaƙƙe, a kuma dubi tagar a ga ko abin da ke ciki gari ne ba yashi ko shinkafa ba. Bayan haka a rage hoton ya koma kamar girman babban yatsa a fuskar waya. Idan har ana iya karanta GARIN AYA a wannan girma, za a hango shi daga bakin ƙofa. A kuma mayar da hoton baƙi da fari na ɗan lokaci, domin idan rubutu da filinsa suka zama toka iri ɗaya, to a shago mai ƙarancin haske ma haka za su haɗe. A misalinmu wannan gwaji ne ya kayar da rubutu ruwan goro a kan rawaya, aka koma shuɗi mai duhu a kan fari.

Wurin mai shago kuwa, a faɗa masa gaskiya tun farko: "Alhaji, wannan hoton gwaji ne, ba a buga ba tukuna, so muke mu ji ko zai zauna a kantarka." Yana da kyau a rubuta "hoton gwaji" a kusurwar hoton, domin idan an tura shi gaba bayanin ya bi shi. Amsar da aka fi samu daga masu shago ba ta launi ba ce, tambaya ce kan tsayi, domin tazarar da ke tsakanin kanta da kanta a shaguna da yawa ba ta ɗaukar leda mai santimita 24 a tsaye, sai a kwantar da ita, lambar ta kalli sama. Saboda haka kafin a ba da aikin bugu, a buga lamba guda a takarda da girmanta na gaskiya, a manna ta a leda cike da gari, a kai shagon da rana a kuma koma bayan magariba, a ajiye ta a kantar da za ta zauna, a ja da baya taku uku a duba.